Riga Ɗaya, Hula Bakwai

Wata ranar Talata, bayan na gama darasi da ɗaliban aji uku, ina tattara takarduna sai na ji wasu ɗalibai mata biyu a bakin ƙofa suna magana ƙasa-ƙasa, ba su san kunnena yana kaiwa gare su ba. Ɗayar ta ce da ƙawarta, "Ni dai tun da muka shigo zangon nan ban taɓa ganin Malam ya maimaita kaya ba." Ƙawar ta amsa da cewa ai malaman jami'a kuɗi gare su, kukan talaucin da suke yi na baki ne kawai. Na yi kamar ban ji ba, na wuce ofis, na rufe ƙofa, sannan na yi dariyar da ta daɗe ba ta zo mini ba. A wancan lokaci kaftanina na fita, waɗanda zan iya tsayawa da su gaban jama'a ba tare da na tsargu ba, guda uku ne rak. Wanda ke jikina a ranar, shi na sa ranar Alhamis da ta gabata, kuma a gaban waɗannan ɗalibai na sa shi. Abin da ya canja hula ce.

Ban shiga wannan hanya don son ado ba, hali ne ya kai ni. Duk wanda ke koyarwa a jami'ar gwamnati ba zai manta da shekarar 2022 ba, lokacin da aka yi yajin aiki na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, albashi ya tsaya cik. A cikin waɗannan watanni ba wanda ya yi zancen tela a gidana. Da aka koma aiki akwai bashin mai shago da kuɗin makarantar yara a gaba, kafin a farfaɗo kuma aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, farashin komai ya tashi, har da na shadda. Kaftani da wando na cin yadi huɗu zuwa biyar, idan da babbar riga kuwa sai an nemi goma, ga kuɗin ɗinki da na aiki. Na yi lissafi na ga kuɗin kaftani ɗaya mai kyau zai saya mini huluna matsakaita guda uku ko huɗu. Ga kuma waɗanda na riga na tara tun ina saurayi, da biyu da na gada daga mahaifina, Allah ya jiƙansa. Da na jera su a kan gado na ware waɗanda suka mutu, sai guda bakwai suka rage. Da su na yi shekara biyu.

Abin da na fara ganewa shi ne, mutane ba sa kallon mutum daga ƙasa zuwa sama. Wanda kake magana da shi fuskarka yake duba, kuma abin da ke kewaye da fuskar shi yake tafiya da shi a zuciya: hula, tabarau, gemu, da ɗan abin da ya bayyana na wuyan riga. Ɗalibin da ke zaune a layi na goma ma ba ya ganin abin da ke ƙasa da ƙirjinka, domin teburin malami ya tare. Haka hotunan biki da ake yawo da su a waya, yawancinsu daga kafaɗa ne zuwa sama. Idan aka tambayi mutum me wane ya sa jiya, zai ce fararen kaya da koriyar hula, ko kuwa ya ce kaya masu duhu. Ba zai tuna irin saƙar shaddar ba, sai fa idan tela ne ko ɗan Kantin Kwari.

Sai dai ba kowace riga ce ke yarda a yi mata haka ba, kuma a nan ne na fara yin asara. A cikin kayana akwai wata shadda shuɗiya mai haske, wadda aka yi wa aikin wuya da zare ruwan gwal, aikin ya sauko har kan aljihu. Ita ce mafi tsada a cikinsu, da ita na yi hoton kammala digirina na uku. Na gwada mata hula huɗu, ba wadda ta sauya mata kama. Duk wanda ya gan ta sau ɗaya ya haddace ta, domin aikin nan yana daidai wurin da ido ke sauka, yana kuma da launinsa na kansa da ke jayayya da duk hular da aka ɗora. Hula ɗaya ce tak ta dace da ita, mai shuɗi da ruwan gwal, wadda dama tare aka saye su. Irin wannan riga ta auri hularta, ba ta karɓar kishiya. Na ninke ta na ajiye don Sallah.

Waɗanda suka yi mini aiki su ne marasa hayaniya: fara, da ruwan toka, da ruwan madara. Dukkansu aikin wuyansu siriri ne, kuma da zare mai launin yadin aka yi shi, ta yadda daga nesa ba a ganin komai sai tsari. Tun daga nan, duk lokacin da Allah ya hore mini na kai ɗinki, abin da nake fara gaya wa tela ke nan: zare kalar yadi, aiki kada ya wuce faɗin yatsa biyu, maɓalli a ɓoye shi. Yakan ce, "Dakta, ai ba zai fito ba." Nakan ce masa abin da nake nema ke nan.

Zaɓen hular kuwa wani dattijo mai wankin hula a unguwarmu ne ya koya mini, ba da niyyar koyarwa ba. Na kai masa wata Zanna Bukar da na saya don ta dace da kaftanina ruwan toka, ina ƙorafin cewa a kasuwa na ga toka-toka a jikinta, amma da na sa sai ta koma kamar ja. Ya karɓa bai ce komai ba, ya ɗora ta a kan ɗaya daga cikin gumakan itacen da yake shanya huluna a kansu, ya ce, "Malam, ja da baya. Ƙara. To, wane launi ka gani?" Na ce makuba. Ya ce, "To ita ce hular. Wancan da ka gani a hannu zare ne." Na yi shekaru ina karanta littattafai, amma ban taɓa tsayawa na lura da wannan ba. Hular saƙa zare ne launi huɗu ko biyar a cuɗe, kowane a ƙananan ɗigo. A tafin hannu ido yana rarrabe su ɗaya bayan ɗaya, mai saye ya ga launin da yake nema ya yi murna. Daga taku biyar kuwa sai su narke su zama launi ɗaya, wanda ya fi yawa ko ya fi ƙarfi ya haɗiye sauran. Kuma daga taku biyar ne jama'a ke ganin mutum.

Saboda haka yanzu idan zan sayi hula ina tafiya da wani, ko na roƙi yaron shago ya riƙe ta ya fita da ita bakin ƙofa. Fitar tana da dalili. Ƙwan lantarkin da ke cikin shaguna yana yaudara: fari mai tsananin haske yana sa ruwan madara ya yi kama da fari, yana kuma sa shuɗi mai duhu da baƙi su zama abu ɗaya. Sai a hasken rana gaskiya ke fita. Ina kuma tafiya da ɗan ƙyallen yadin da tela ya rage, in kara shi a jikin hular. Ba na neman launin ya zo ɗaya sak da na rigar. Idan suka yi kusa amma ba su haɗu ba, kamar toka mai ɗan shuɗi da toka mai ɗan ƙasa-ƙasa, sai a ga kamar ɗayansu ya koɗe. Gara hular ta bambanta sosai, amma a sami zare ɗaya a cikinta, ko siriri ne, mai launin rigar. Wannan zaren shi ke ƙulla zumunci tsakaninsu.

Bari in ba mai karatu labarin wata Asabar, domin a ga yadda abin yake a aikace. Ƙarfe tara na safe ina cikin kwamitin da zai saurari ɗalibin digiri na biyu yana kare kundinsa. Ƙarfe sha ɗaya da rabi akwai ɗaurin auren 'yar wani abokin aikina a cikin gari. Bayan la'asar kuma zan je ta'aziyyar mahaifiyar wani tsohon malamina. Gidana yana da nisa, man da ke cikin mota ba zai ɗauki komawa sau biyu ba. Na sa kaftanina ruwan toka, na ɗauki hula uku, biyu a cikin kwalin takalmi a kujerar baya.

Wurin kare kundi na sa wata ƙube gajera, ƙasarta baƙa da siraran layuka farare, wadda daga nesa take komawa toka mai duhu. Na sa tabarau mai baƙin kauri, wanda nake karatu da shi, na riƙe jakar fata ta hannu. Ba na rataya jakar goyo a kan shadda, domin madaurinta yana murƙushe kafaɗa, gumi ya taru a gadon baya, kafin azahar rigar ta yi kamar an kwana da ita. Wanda ke son riga ɗaya ta kai shi yamma, kafaɗa da baya zai fara karewa. Don haka ma nake cire wayar hannu da makullai daga aljihun gaba, nauyinsu yana ja wa wuyan riga ya karkace.

Da muka tashi na shiga mota na cire ƙuben, na goge goshina, na ɗauko doguwar hular Bama mai ƙasa makuba da ado ruwan toka da fari, wadda aka yi wa kari mai kaifi. Na cire tabarau mai kauri na sa mai siririn ƙarfe. Dalilin shi ne hula mai cikar ado da tabarau mai kauri idan suka haɗu a fuska ɗaya sai su cunkushe ta, musamman ga mai gajeriyar fuska irina. Ɗaya ne zai yi magana, ɗayan ya saurara. Na bar jaka a mota, na cire biro daga aljihu, na shafa turare. A wurin ɗaurin auren na haɗu da mutum biyu da muka zauna a kwamiti ɗaya awa ɗaya da ta wuce. Ɗayansu ya dube ni ya ce, "Dakta, har ka je gida ka dawo?" Na ce masa hanya ce ba cunkoso.

Ta'aziyya ita ta fi buƙatar lura, domin a can kuskure yana da ciwo. Na sa farar ƙube mai farin zare, gajera, wadda ba ta da ƙyalli ko kaɗan. Na cire agogon ƙarfe na sa a aljihu. Na kuma koma ga tabarau mai kauri, ba don ya fi dacewa ba, sai don wancan siririn gilashinsa mai rikiɗa ne, yana yin duhu da zarar rana ta taɓa shi. Zaman makoki a ƙofar gida ake yinsa, a kan tabarma, a ƙarƙashin rumfa ko inuwar bango, kuma na taɓa ganin kaina a madubin mota bayan na fito daga irin wannan zama, idanuna a rufe da baƙin gilashi kamar ɗan sandan ciki. Ba a yi wa mutum gaisuwar rashi yana neman idonka bai samu ba. Wannan ƙaramin abu ne da likitan ido ba zai gaya maka ba ranar da yake yaba maka gilashin.

Riga ɗaya ce tun safe har magariba, amma wuri uku ta shiga, kuma ba inda ta yi baƙunta. Wannan ya nuna mini cewa aikin hula ya wuce na launi, tana sanar da abin da ya kawo mutum. Tsayinta ma magana ne. Doguwa mai kari tana cewa an zo taro, gajera tana cewa an zo aiki, tashi-ka-fiye-naci kuwa ta masallacin unguwa ce da zaman ƙofar gida. Haɓar kada tana da nata mutanen da nata ranakun. Huluna da dama ma sunan mutane ko garuruwa suke ɗauke da shi. Ana danganta Zanna Bukar da Zanna Bukar Dipcharima, ɗan siyasar Borno da ya yi minista a Jamhuriya ta Farko, kamar yadda aka riƙa kiran wata doguwar hula da sunan Shagari a zamanin mulkinsa. Ta Bama kuwa sunan garinta ta ɗauka, kuma bayan da rikici ya tarwatsa garin a 2014, da yawa daga mutanensa da suka yi gudun hijira zuwa Maiduguri da allura da zaren nan suka ci gaba da neman abinci. Nakan tuna da haka idan ina taya hular hannu, wadda wani ya yi makonni yana duƙe a kanta, sai in ji kunyar matsa wa mai sayarwa.

Da yake hula tana magana, takan faɗi abin da mai ita bai aike ta ba. Cikin biyun da na gada akwai jar dara, wadda mahaifina ke sawa da babbar riga ranar Juma'a tun ina yaro. Wata safiya a farkon 2023, ana saura 'yan makonni zaɓe, na ga ta dace da farin kaftanina, zuciyata kuma tana kewar mai ita, sai na ɗora na tafi aji. Ina shiga wani ɓangare na ɗalibai ya kaure da tafi da sowa, wani ɓangaren ya yi tsit. A nan na farga. A Kano ta yau fararen kaya da jar hula alama ce ta Kwankwasiyya, su kuma suna cewa daga Malam Aminu Kano suka ɗauko ta. Ba laifi ba ne mutum ya sa alamar abin da ya yarda da shi, kuma ba ina nufin wani ɓangare ya fi wani ba. Amma ni malami ne, a gabana akwai 'ya'yan kowace jam'iyya, ni zan duba takardun jarrabawarsu, ga shi kuma a lokacin daga cikin malaman jami'a ake ɗaukar masu tattara sakamakon zaɓe. Na yi ƙoƙarin bayyana musu cewa hular mahaifina ce, ta girmi yawancinsu. Suka yi dariya irin ta "mun gane, Malam". Bayan darasi wani ɗalibi mai natsuwa ya biyo ni ofis, ya tsaya yana murza hannu, ya ce, "Malam, Allah ya sa dai ba za a duba ra'ayin mutum wajen ba da maki ba." Wannan tambaya ta yi mini zafi fiye da yadda ya zata. Na zaunar da shi na ba shi tabbaci, amma ban san ko ya yarda ba. Darar tana nan a cikin akwati, nakan sa ta a gida ranar Sallah idan za mu yi hoto da yara.

Dabarar tana da iyaka ta wani gefen kuma, wanda ya shafi tsufan kaya. Sabuwar shadda tana da maiƙo da ƙyalli, kowane wanki yana rage su, har ta koma kamar zanen gado. Na yi zaton sabuwar hula za ta rufa wa tsohuwar riga asiri, ashe tona mata take yi. Ranar da na ɗora wata sabuwa fil mai farin zare a kan farin kaftanin da ya shekara uku, sai ga shi ya fito ruwan ƙwai-ƙwai, abin da ban taɓa lura da shi ba sai da ya sami abin gwadawa a kusa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Tsohuwar riga tsohuwar hula mai tsabta take so, wadda launinta ya kwanta, su tafi tare kamar tsofaffin ma'aurata. Idan kuwa wuyan riga ya fara tsattsagewa, ko bakin hannu ya yi baƙin da sabulu ya kasa, to magana ta ƙare. Wuyan yana cikin abin da ido ke ɗauka tare da fuska, ba hular da za ta cece shi.

Ita ma hular tana da nata ciwon. Makiyinta na farko gumi ne da man gashi, waɗanda ke taruwa a bakinta daga ciki har su ɓullo waje su yi zobe mai duhu. Idan zoben ya bayyana an makara kai ta wanki. Ni ba na sa hula ɗaya kwana biyu a jere, nakan kife ta a wuri mai iska ta bushe kafin ta koma kwali. Da damina kuwa ba na ajiye ta cikin leda, na yi asarar guda ɗaya da ta yi fumfuna a haka. Wajen cirewa da hannu biyu nake kama ta daga gefe, domin mai cafke ta da yatsu uku daga gaba, a kan karin, nan ne za ta fara yin dauɗa ta karye. Sabuwa mai jan zare ko baƙi nakan goga mata jiƙaƙƙen farin ƙyalle daga ciki tun a shago. Idan ƙyallen ya ɗauki launi, to ranar wankin farko jan zai bi farin zare, hular ta koma wata aba dabam.

Sai batun lamba. Ana auna kai da tef ɗin tela, a zagaya shi ta tsakiyar goshi da ɗan saman kunnuwa. Nawa inci 22 da rabi ne. Mai wanki yana jiƙa hula, ya goge ta da buroshi da sabulu, ya sa mata sitaci, sannan ya ɗora ta a kan gungumen da ya yi daidai da ita har ta bushe, kafin ya fitar mata da kari. Idan ya yi kuskure ya ɗora ta a kan na 23, za ta dawo tana sauka kan kunne. Idan ya sa ta a ƙarami, za ta bar maka jan layi a goshi da ciwon kai kafin la'asar. Wanda ke sauya hula sau biyu a rana ya fi kowa buƙatar kula da wannan, domin layin da matsattsiyar hula ta bari da safe yana nan a fili idan ta yamma ta zauna sama da shi. Shi ya sa na rubuta lambata da biro a cikin kowace hula, kuma ba na canja mai wanki.

Uwargidana, da ta ga ina ɗaukar abin kamar wani sabon bincike, dariya ta yi. Ta ce, "Malam, wannan ai mu mata da shi aka yaye mu." Ta nuna mini wata doguwar riga baƙa da na ɗauka guda uku ce. Wurin aiki da ƙaramin ɗan kunne da jakar kafaɗa take sa ta, wurin suna kuwa da sarƙa da awarwaro da ƙaramar jakar hannu. Dokokinta sun yi kama da nawa har na ji kunya. Atamfa mai manyan furanni ba ta son sarƙa mai nauyi, domin zanen ya riga ya cika wurin. Ruwan gwal da ruwan azurfa ba sa haɗuwa a jiki ɗaya, har da ƙarfen da ke jikin jaka da na agogo. Jaka kuma da takalmi take shawara, ba da riga ba. Ta ƙara da abin da ban sani ba, wai sarƙar da aka yi wa wankin gwal turare ne ke kashe ta, saboda haka sai turaren ya bushe a jiki take sawa. Amma ta ce nasu ya fi namu wuya, domin mata suna ƙirga wa juna kaya, kuma ankon biki ba ya sauraron dabara.

Wani abokina, malami a sashen addini, ya taɓa tsokanata da cewa wannan ai wani nau'in yaudara ne, nuna wadatar da babu ita. Na daɗe ina juya maganarsa. Da na ari motar wani na ce tawa ce, ko na ci bashi na yi ɗinki don a ce ina da shi, da ya yi gaskiya. Ni kuwa da abin da na mallaka na fita, a wanke, a goge, ban ce wa kowa komai ba. Iyayenmu suna kiran wannan rufin asiri, kuma roƙonsa suke yi a kowace addu'a. Duk da haka akwai inda maganarsa ta taɓa ni. Waɗancan ɗalibai biyu sun tafi da imanin cewa malamansu suna cikin daula, alhali da yawa daga cikinmu a shekarar sun sayar da mota, wasu sun koma noma. Wataƙila mun iya rufa wa kanmu asiri har ya zama ba wanda ya yarda idan muka ce muna jin jiki. Ban sami amsar wannan ba, kuma ban ga alamar zan fara zuwa aji da yagaggiyar riga don a tausaya mini ba.

Kaftanin nan ruwan toka ya yi ritaya a watan jiya. Wuyansa ya buɗe ta baya, tela ya duba ya ce ko an juya shi ba zai riƙe zare ba. Na bar shi na zaman gida. Na yi sabo, ruwan toka shi ma, da aiki kalar yadi. Ranar da na fara sa shi na ɗora masa tsohuwar hular Bama, na tsaya a tsakar gida ina jiran a yaba. Babban ɗana, wanda ya shiga aji biyar na sakandare, ya fito zai tafi makaranta, ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Abba, yaushe za ka yi sababbin kaya ne? Kullum wannan hular." Sannan ya tambaye ni ko zan ara masa baƙar ƙuben ranar Asabar, abokinsa zai yi saukar Alƙur'ani. Na ɗauko tef na auna kansa. Inci 22 da rabi.